Furogiram ɗin da ke cikin PLC da wanda ke rumbu: yadda za a hana su rabuwa

Duk injin da PLC, wato ƙaramar kwamfutar masana'antu, ke sarrafawa yana da furogiram a wurare uku aƙalla. Akwai wanda ke cikin PLC ɗin kansa yana aiki, akwai wanda ke kan laftof ɗin ma'aikacin da ya taɓa shi a ƙarshe, akwai kuma wanda ofis ke ɗauka shi ne na gaskiya. Ranar da aka ƙaddamar da injin, ukun nan abu ɗaya ne. Bayan shekara biyu, in ba a yi tsari ba, kowanne ya kama gabansa, kuma ba wanda zai sani sai ranar da CPU ya ƙone. Aikin da zan bayyana a nan gaba ɗayansa abu ɗaya yake nema: a kowace rana, abin da ke cikin PLC ya zama daidai da abin da ke ma'ajiya guda ɗaya da kowa ya sani. Wannan ma'ajiya zan riƙa kiranta rumbu.

Bari in fara da abin da ya koya mini wannan. Na yi wa wani kamfani aiki mai tashoshin tura ruwa guda uku, ɗaya a cikin garin Sakkwato, ɗaya a wajen Wamakko, ɗaya can Tambuwal. Kowace tasha tana da S7-1200 na Siemens, da allon HMI da mai kula da tasha ke taɓawa, da VFD mai sarrafa gudun famfo. Da bazara ruwan rijiya ya ja baya, famfon Tambuwal ya riƙa tsayawa da kansa, domin furogiram ɗin yana kashe shi in ruwa bai fara gudu ba cikin daƙiƙa 5. Wani ma'aikacinmu ya je ya mayar da lokacin daƙiƙa 20, ya kuma ƙara sharaɗin cewa famfo na biyu ba zai tashi ba in ana kan janareto. Gyara ne mai kyau, kuma ya yi aiki. Ya ajiye fayil ɗin a laftof ɗinsa, ya dawo gida.

Da damina wuta ta zo da ƙarfi ta kashe CPU ɗin. Babu katin ajiya a cikinsa, saboda haka furogiram ɗin ya tafi tare da shi. Wani yaro daban ya tafi da sabon CPU da fayil ɗin ofis, ya zuba, komai ya yi kore. Kafin la'asar abu uku sun faru. Famfo ya koma tsayawa da kansa. Da nefa ta ɗauke, famfuna biyu suka tashi tare, janareto ya shaƙe ya mutu. Da aka shawo kan wannan kuma tanki ya cika ya riƙa zuba, domin mai kula da tashar ya daɗe da sauke iyakar cika daga mita 4.5 zuwa 3.8 ta allon HMI, fayil ɗin ofis kuwa 4.5 ya sani. Na kira yaron na ce, "Mi ka taɓa?" Ya ce, "Wallahi oga ban taɓa komi ba, abin da kuka ba ni shi na zuba." Gaskiya ya faɗa. Laifin na tsarinmu ne, kuma kowane mataki da ke ƙasa yana toshe ɗaya daga cikin ramukan da muka faɗa a ranar.

Mataki na farko: ka san abin da kake da shi

Kafin a yi maganar wata manhaja, a zaga tasha tasha da takarda. Kowane inji a ba shi gajeren suna da ba zai canza ba, kamar `TBW-P1` na fanel na farko a Tambuwal, a rubuta sunan a ƙofar fanel ɗin. A ƙarƙashin sunan a rubuta lambar CPU kamar yadda take a jikinsa, da sigar `Firmware` ɗinsa, da adireshin IP, da sigar manhajar da aka rubuta furogiram ɗin da ita, da irin allon HMI, da irin VFD.

Sigar manhajar nan ita mutane suka fi rainawa, ita ce kuma ke hana barci. Aikin da aka buɗe da TIA Portal V17, manhajar Siemens, aka ɗaga shi, V16 ba zai ƙara buɗe shi ba. Ke nan ma'aikaci ɗaya mai sabuwar laftof zai iya kulle sauran abokan aikinsa a waje ba tare da ya yi niyya ba, da danna maɓalli ɗaya. A wajen Rockwell kuma babbar lambar sigar Studio 5000 sai ta dace da ta `Firmware` ɗin da ke cikin na'urar. Don haka a yanke doka: ba mai ɗaga sigar aiki sai da izinin wanda ke riƙe da rumbu. Ni na fi son kowace siga ta zauna a kwamfutar cikin kwamfuta, ta VMware ko VirtualBox, a ajiye kwafinta, domin shekara biyar nan gaba samun tsohuwar siga da lasisinta zai fi samun sabon CPU wuya.

Mataki na biyu: gano na gaskiya

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma sau ɗaya ake yin sa ga kowane inji. Tattara duk kwafin da ke yawo: na laftof ɗin kowa, na filash, na wasaf, na ɗan kwangilar da ya haɗa injin. Kada ka yarda da sunan fayil ko kwanan watansa. Fayil mai suna "na ƙarshe sabo" ba ya shaidar komai, kwanan wata kuma yana iya canzawa don kawai an buɗe an sake ajiyewa.

Alƙali shi ne PLC ɗin da ke aiki. Ka je wurinsa, ka buɗe kwafin da ka fi zato, ka haɗa, ka yi `Compare` sannan `Offline/online`. Manhajar za ta jera sassan furogiram ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta sa alamar kore a kan waɗanda suka yi daidai, ta nuna waɗanda suka bambanta da waɗanda ke gefe ɗaya kawai. Kwafin da ya fito kore gaba ɗaya shi ne na gaskiya. In babu ko ɗaya, ɗauki wanda ya fi kusa, ka buɗe kowane bambanci ka karanta shi, ka ɗebo sashen daga PLC zuwa cikin aikinka, har komai ya yi kore.

A nan a kula da kalmomi biyu da ke rikita sababbi. A harshen PLC, `Download` na nufin daga laftof zuwa PLC, wato zubawa. `Upload` na nufin daga PLC zuwa laftof, wato ɗebowa. Wanda ya saba da intanet yana jin su a juye. Ranar da kake gano na gaskiya, ɗebowa kawai za ka yi. In ka zuba tsohon kwafi bisa kuskure, ka shafe shaidar da ka zo nema, kuma ba ta dawowa.

Wani zai ce, to me ya sa ba za mu riƙa ɗebowa daga PLC kawai duk lokacin da muke buƙata ba? Domin abin da ake ɗebowa ba kullum yake cikakke ba. Tsohon S7-300 da aka rubuta da SIMATIC Manager ba ya riƙe sunayen alamomi da bayanan da marubuci ya sa. Za ka samu furogiram mai aiki, amma maimakon "famfo na ɗaya ya tashi" sai ka ga `M12.3` tsirara, ka kwana kana bin waya kafin ka gane ko mene ne. S7-1200 da S7-1500 sun fi kyau ta nan, suna riƙe sunaye da bayanai. A na'urorin da ke kan CODESYS, in wanda ya zuba bai yi `Source download` ba, babu abin karantawa da za ka ɗebo. Sashen da aka kulle da kalmar sirri kuma zai zo a kulle. Allon HMI ya fi duka tsanani: abin da ke cikinsa an riga an sarrafa shi, galibi ba a mayar da shi aikin da za a gyara. Za ka iya ɗaukar hotonsa gaba ɗaya da ProSave ka mayar a allo irinsa, amma ba za ka iya ƙara maɓalli ɗaya ba sai da asalin aikin.

Shi ya sa nake roƙon duk mai sa hannu a biyan ɗan kwangila: kada a biya kason ƙarshe sai ya miƙa asalin aikin PLC da na HMI da duk kalmomin sirri, kuma an yi kwatancen nan a gabansa ya fito kore.

Mataki na uku: abin da ke shiga rumbu

Furogiram kaɗai ba ya tayar da tasha, kamar yadda tankin Tambuwal ya nuna mana. Ga kowane inji abu huɗu nake ajiyewa.

Na farko, aikin gaba ɗaya a dunƙule. A TIA Portal ana yin `Project` sannan `Archive`, a samu fayil ɗaya mai ƙarewa da `.zap17` ko lambar sigar da kake kai. In ka zaɓi `Discard restorable data` fayil ɗin zai ragu sosai, abin da ke da amfani ga mai tura shi ta datar waya. Kada a kwafe foldar aiki yayin da manhajar ke buɗe da ita. A Rockwell fayil ɗin `.ACD` ne, a Control Expert na Schneider kuma `.STA` ake ajiyewa domin shi ke tsallaka sigogi, ba `.STU` ba.

Na biyu, kwafi a rubuce wanda ido zai iya karantawa. Fayil ɗin dunƙule ba a iya kwatanta shi layi da layi, rumbu zai ce maka ya canza kawai, ba zai ce mene ne ya canza ba. Amma in ka fitar da `.L5X` daga Studio 5000, ko ka yi amfani da `Version Control Interface` da TIA Portal ya zo da shi tun V16, za ka ga inda `T#5s` ya koma `T#20s` daga kujerarka a ofis. Ban mayar da wannan dole ga kowane inji ba, domin yana ƙara wa ma'aikaci aiki. Ga injinan da ake yawan taɓawa ne ya cancanta.

Na uku, lambobin saiti da ke raye a cikin PLC. A nan zan daɗe kaɗan, domin nan ne ko masu tsari suke faɗawa. Kowane lamba a cikin DB, wato sashen furogiram da ke riƙe lambobi, yana da fuska biyu: wanda aka rubuta a aikin a matsayin na farawa, da wanda ke aiki yanzu bayan mai kula da inji ya canza shi ta allo. Iyakar tanki, lokutan jira, saitin PID, awannin da famfo ya yi yana aiki, duk suna cikin na biyun. Kwatancen da muka yi a sama ba ya duba su. Komai zai yi kore alhali fayil ɗinka yana cewa 4.5, injin yana kan 3.8. Kuma waɗannan lambobi, ko an sa su cikin waɗanda ba sa gogewa in wuta ta ɗauke, a cikin CPU suke zaune ba a katin ba, saboda haka in CPU ya mutu sun tafi. Maganin shi ne ka buɗe DB ɗin saiti kana haɗe da PLC, ka danna `Snapshot`, ka duba lambobin da idonka, sannan ka danna `Copy snapshots to start values`, ka ajiye. Ka yi wannan ga DB na saiti kawai. In ka kwafe na matakin da injin yake a lokacin, sabon CPU zai iya farkawa yana zaton yana tsakiyar aiki. Wannan ma dalili ne na ware saiti a DB nasu tun wajen rubutu. Ka sani kuma bayan wannan kwafi DB ɗin zai nuna bambanci a kwatance, domin lambobin farawa sun canza a gefenka. A rubuta hakan a bayani, a zuba shi ranar da aka tsayar da injin.

Akwai `Backup from online device` wanda ke ɗaukar hoton CPU gaba ɗaya har da waɗannan lambobi. Yana da kyau, amma a S7-1200 da S7-1500 yana tsayar da CPU yayin ɗauka, kuma hoton ba a buɗe shi a gyara. A yi shi ranar da aka tsayar da tasha don gyara, kada a ɗauke shi madadin asalin aiki.

Na huɗu, saitin VFD da sauran ƙananan na'urori. Yawancinsu suna bari a kwafe saiti zuwa allon da ke gabansu, kamar `0-50 LCP Copy` a Danfoss, ko zuwa fayil ta manhajarsu. Ko hoton waya na lambobin da aka canza ya fi babu.

Mataki na huɗu: gina rumbun

Akwai manhajojin da aka yi musamman don wannan, irin su octoplant da FactoryTalk AssetCentre, waɗanda ke shiga PLC da kansu da dare su kwatanta su kawo rahoto. In masana'antarku babba ce kuma duk injinan suna kan layin sadarwa ɗaya, sun cancanci kuɗinsu. Ga mai tashoshi a warwatse inda wani wurin sai ka hau tudu kafin ka samu sabis, Git, manhajar da ke riƙe tarihin duk canjin fayiloli, ya ishe ka, kuma kyauta ne. Dalilin da na fifita shi a kan SVN, wata manhaja irinsa, duk da SVN ya fi sauƙin koyo, shi ne Git yana bari ka rubuta canjinka a laftof ba tare da intanet ba, ka tura in ka shigo gari.

Ana buƙatar saba guda ɗaya, wato inda rumbun zai zauna, ko ƙaramar kwamfuta a ofis mai ɗauke da Gitea a kan inbata, ko asusun kamfani a GitLab wanda aka rufe daga idon jama'a. Asusun ya zama na kamfani, kowane ma'aikaci da sunansa na shiga, domin ranar da wani ya bar aiki a rufe nasa kawai. Kowace tasha da rumbunta, kowane inji da foldarsa:

```
tambuwal/
  TBW-P1/
    plc/TBW-P1.zap17
    hmi/
    vfd/
    BAYANI.txt
```

Sunan fayil ba ya canzawa har abada. Babu kwanan wata a ciki, babu "sabo", babu sunan mutum. Tarihi aikin Git ne. A cikin `BAYANI.txt` ake zuba abin da aka tattara a mataki na farko. Kalmomin sirri ba sa shiga nan, suna da ma'ajiyarsu daban, irin KeePass, a hannun mutum biyu aƙalla.

Matsala ɗaya ce Git ke da ita da fayilolinmu: ba ya iya haɗa gyaran mutum biyu a fayil ɗin dunƙule. In ni da kai muka gyara `TBW-P1` a rana ɗaya, dole na ɗaya ya shafe na ɗaya. Saboda haka ake kullewa da LFS, ƙarin Git mai kula da manyan fayiloli. Ana saita wannan sau ɗaya ga kowane rumbu, layin farko kuma a kowace laftof:

```
git lfs install
git lfs track --lockable "*.zap17"
git add .gitattributes
git commit -m "Saita LFS"
```

Mataki na biyar: tafiya ɗaya, daga ofis zuwa ofis

Ga yadda gyaran bazarar nan ya kamata ya kasance. Kafin ma'aikaci ya bar Sakkwato, inda yake da sabis, zai jawo na ƙarshe ya kulle:

```
git pull
git lfs lock TBW-P1/plc/TBW-P1.zap17
```

In kullewar ta ƙi, `git lfs locks` zai nuna sunan wanda ke riƙe da fayil ɗin. A kira shi a waya. Wataƙila ya yi gyara bai tura ba, kuma gara a ji haka a ofis da a ji a gaban fanel.

Da isarsa tasha, kafin ya taɓa komai, zai yi kwatance. Wannan ita ce dokar da ba na sassautawa ga kowa, har ni kaina. In ya fito kore, a ci gaba. In bai fito ba, wani ya yi gyara a ɓoye, kuma aikin yau ya canza: a ɗebo bambancin, a ajiye shi a rumbu da bayanin cewa haka aka tarar, sannan a fara abin da aka zo yi. Ya kuma duba fitilun CPU. In `MAINT` tana kunne a S7-1200, ko `FRCE` a S7-300, mai yiwuwa wani ya tilasta wata shiga ko fita ya manta. Tilastawa ba ta cikin furogiram, kwatance ba zai nuna ta ba, kuma sau da yawa ita ke rufe wata na'urar aune da ta mutu tun bara.

Sai ya ɗauki `Snapshot` na saiti, ya yi gyaransa, ya zuba. Wajen zubawa ya karanta tagar da ke fitowa kafin ya amince. In ta ambaci tsayar da CPU ko `Reinitialize`, to mai yiwuwa ya canza tsarin wani DB, kuma lambobin da ke raye a cikinsa za su iya komawa na farawa. Wanda ya ɗauki hoton saiti minti goma da suka wuce ba abin da zai dame shi. Wanda bai ɗauka ba ya dakata.

Bayan an gwada injin ya yi aiki, a sake kwatance, a dunƙule aikin a kan fayil ɗin da ke folda, a rubuta canjin tun ana tsaye a wurin:

```
git add TBW-P1
git commit -m "TBW-P1: jiran gudun ruwa 5s zuwa 20s, rijiya ta ja baya"
git tag TBW-P1-007
```

Bayanin ya faɗi abin da aka canza, daga nawa zuwa nawa, da dalili. "An gyara" ba bayani ba ne. A rubuta da Hausa in ita ta fi sauƙi; abin nema shi ne wanda zai karanta da ƙarfe biyu na dare bayan shekara uku ya gane. Gyara biyu kuma, kamar na lokacin jira da na janareto, a ambaci kowanne.

Lambar nan `007` tana zuwa wuri biyu bayan rumbu. Ana rubuta ta a takardar da ke manne a cikin ƙofar fanel, tare da kwanan wata da sunan mai gyara. Ana kuma sa ta a cikin furogiram ɗin kansa, a wani ƙaramin DB, kafin zubawar ƙarshe, ta fito a kusurwar allon HMI. Amfanin wannan ya fi yadda ake zato: daga ofis zan iya kiran mai gadin tasha in ce, "Baba, don Allah duba allon nan, wace lamba ce a ƙasa?" In ya ce bakwai, rumbu ma yana kan bakwai, hankalina ya ɗan kwanta. Na ce ɗan kwanta, domin lambar tana da gaskiya ne kawai in mai gyara ya tuna ya canza ta. Kwatance ne kaɗai shaida.

Da ya samu sabis sai ya tura ya buɗe:

```
git push --follow-tags
git push origin TBW-P1-007
git lfs unlock TBW-P1/plc/TBW-P1.zap17
```

Gyaran gaggawa fa? Ruwa ya tsaya da dare, babu sabis, ba a kulle komai ba. A gyara, ba wanda zai ce a bar gari ba ruwa saboda Git. Amma kwatance kafin taɓawa yana nan daram, minti biyu ne, kuma cikin awa 24 gyaran ya shiga rumbu. Don wannan ya yiwu, kowace laftof ta aiki ta jawo duk rumbunan sau ɗaya a mako, ko da ba a shirin tafiya. Ga shugabanni kuma: in ma'aikaci ya zo ya ce ya yi gyara ya manta bai tura ba, aka yi masa faɗa a gaban mutane, gobe ba zai faɗa ba. Wanda ya ɓoye shi ya cancanci faɗa.

Ba kowa ne ke buƙatar ikon canza furogiram ba. Mafi yawan masu gyara kallo suke buƙata don gano wace na'ura ta ƙi. A ba su ikon karanta rumbu, a sa kalmar sirri ta rubutu a CPU, a bar zubawa ga mutum biyu ko uku.

Mataki na shida: shi kansa rumbun ina ajiyarsa?

Saba ɗaya a ofis ita ma na'ura ce, zafin Afrilu da ƙurar hunturu da wutar da ke hawa da sauka duk suna aiki a kanta. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban. A aikace: sabar kanta, da faifan waje da ake haɗawa sau ɗaya a mako a kwafa a cire, da kwafi a intanet ko a ofishin wani gari. Cirewar nan tana da muhimmanci. Cutar kwamfuta mai kulle fayiloli don neman fansa tana bin duk abin da ke haɗe. Foldar da ke daidaita kanta da intanet ma ba ajiya ba ce, domin in an goge a nan za ta goge a can. Faifai biyu ake yi ana musanyawa, kuma kada a bar su a mota cikin rana.

Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. In kana amfani da LFS, manyan fayilolin ba sa zuwa da kwafin ajiya da ake yi da `--mirror`, ɗan rubutu mai nuni gare su ne kawai ke zuwa. Sai ka nemi su da kanka:

```
git clone --mirror <adireshin-rumbu> tambuwal.git
cd tambuwal.git
git lfs fetch --all
```

Duba girman foldar bayan ka gama. In rumbun da ke da ayyuka goma ya fito 'yan kilobayit, babu furogiram ko ɗaya a ciki.

Game da katin ajiya na Siemens kuma, kada a taɓa yi masa `Format` a Windows ko da kwamfutar ta nema. Yin haka yana lalata shi, CPU ba zai ƙara karɓarsa ba.

Mataki na bakwai: gwada mayarwa

Duk wata uku a zaɓi inji ɗaya ba tare da shiri ba, a ba wanda bai taɓa aiki a kansa ba laftof da CPU na ajiya a kan tebur, a ce injin nan ya ƙone, tayar da shi daga rumbu. Ba zai kira kowa ba. A duba agogo, a rubuta duk inda ya tsaya. A lokaci guda, duk wanda ya kai ziyara wata tasha don wani aiki daban ya yi kwatance kafin ya taho, domin tashar da ba a kira ku ba ita ce ta fi daɗewa ba a duba ba.

Karon farko da muka yi wannan gwaji da `TBW-P1`, furogiram ɗin yana nan daidai, saitin ma daidai, amma zubawa ta ƙi. CPU ɗin da ke sito yana kan `Firmware` da ya girmi wanda aka saita a aikin, kuma TIA Portal ba ya zuba aikin sabuwar siga a kan tsohuwa. Fayil ɗin ɗaga shi ba ya hannunmu, saukar da shi kuma yana buƙatar asusu a shafin kamfanin da ya ƙera shi da sabis mai ƙarfi. Muka sauke shi a ranar, muka ɗaga duk CPU da ke sito, muka buɗe folda mai suna `firmware` a kan faifan waje, muka kuma ƙara layi ɗaya a `BAYANI.txt` na kowane inji mai faɗin wane CPU na ajiya ne ya dace da shi da inda yake a sito.